Firiza ta ce zafinta 4078, wai me na ɓata a kod ɗin nan?

Abba Tudun Wada: Slm jama'a, barkanmu da dare. Don Allah masu asambuli ku zo ku ceci ɗan'uwanku. Yayana na sana'ar ƙanƙara, tamostat ɗin firizarsa ɗaya ya mutu, na ce ya bari in haɗa masa nawa da ATmega328P da sensa DS18B20 da rile, dama ina neman abin da zan gwada asambulin da nake koya. A ɗaki komai lafiya lau, yana nuna 31, 32. Na saka sensar a firiza yana ta sauka 10, 5, 1, 0, kawai sai na ga 4095, can da ta yi sanyi sosai ya tsaya a 4078. Na turo rijistocin ta siriyal kafin in taɓa su, r25 na da FE r24 na da E0. Ga inda nake rabawa da 16:

```
ldi  r16, 4
raba:
lsr  r25
ror  r24
dec  r16
brne raba
```

Sani Panteka: Sensar ce jabu, wlh yanzu kasuwa ta cika da su. Na taɓa sayen guda biyar uku ba sa komai. Ka canza ta kawai kar ka wahalar da kanka

Abba Tudun Wada: Oga Sani na canza, guda biyu gare ni duk abu ɗaya suke ba ni

Ummi Barnawa: Ko dai ka juya bayit ɗin ne? Sensar nan ƙaramin bayit take fara turowa sannan babba, mu ma ya taɓa kama mu a furojet

Injiniya Kawo: Ummi da ya juya su ai tun a ɗaki zai ga shirme, ba sai ya shiga firiza ba. Sani kai ma sensar nan ba ta yi laifin komai ba, gaskiya ta faɗa masa, shi ne bai ji yarenta ba. Abba firizar yayanka tana kan digiri 18 ƙasa da sifili, kuma wannan sanyi ne mai kyau ma. FEE0 ɗin da ka gani shi ne mainas 18.

Abba Tudun Wada: Injiniya ta yaya FEE0 zai zama mainas 18? na buga a kalkuleta ya ba ni 65248

Injiniya Kawo: To bari in zauna. Ka san mitar kilomita ta tsohon mashin, mai lambobi masu juyawa? Ka ɗauka tana kan 0000 sai ka juya ta baya taki ɗaya, me za ta nuna? 9999. Babu inda za ta rubuta alamar mainas, gida huɗu kawai gare ta. Rijista ma haka take, bit 16 ne babu na sha bakwai. In ka cire ɗaya daga 0000 za ka faɗo FFFF, ka ƙara cire ɗaya FFFE, haka dai. Sai aka yi yarjejeniya cewa duk lambar da bit ɗinta na can sama ya zama 1, a ɗauke ta a matsayin wadda ta yi baya daga sifili. Shi ne tus kwamfilimen ɗin da ake ta faɗa, ba wani tsafi ba ne.

Yanzu ɗauki taka. Kowane harafin heks bit huɗu ne, kar ka je kalkuleta, fasa shi da ido:

```
F    E    E    0
1111 1110 1110 0000
```

Na farko daga hagu 1 ne, kenan ƙasa da sifili muke. In kana so ka san nisanta da sifili sai ka kifar da kowane bit ka ƙara ɗaya:

```
0000 0001 0001 1111   ; 0x011F
0000 0001 0010 0000   ; 0x0120
```

0x0120 shi ne 256 da 32, wato 288. Sensar kuma kowane taki ɗaya nata kashi ɗaya cikin 16 na digiri ne, 288 raba 16 ya ba ka 18 cif. Kai kuma da ka yi `lsr` sai ka riƙa cusa sifili ta sama sau huɗu, FEE0 ta koma 0FEE, ka goge alamar da hannunka. 0FEE ɗin nan ita ce 4078 da take kallonka a allo.

Abba Tudun Wada: Kai! 4095 ɗin ma kenan mainas ɗaya ce

Injiniya Kawo: Ka gano. 0FFF. Canza `lsr r25` ya koma `asr r25`, shi `asr` in ya tura bit ɗin dama yana barin na saman yadda ya same shi, in 1 ne ya ci gaba da zama 1. `ror r24` ka bar shi, shi ke kwaso abin da ya faɗo cikin kari ya shigar ƙaramin bayit. Za ka samu FFEE.

Mubarak Rigasa: Ni fa a aji an ce mana bit na sama shi ne sain, sauran su ne lambar. To in haka ne ai sai ya goge na saman kawai da `andi r25, 0x7F` ya buga mainas a gaba, ba sai an yi wannan kife-kifen ba

Ummi Barnawa: Gwada mana ka gani. FEE0 in ka cire na sama saura 7EE0, wannan ai dubu talatin da biyu da wani abu ne, ina 288 a nan

Mubarak Rigasa: Hmm. to amma malamin haka ya ce

Injiniya Kawo: Rabin maganar ka riƙe Mubarak. Gaskiya ne bit na sama na gaya maka ko lambar ƙasa take da sifili, amma sauran ba girman lambar ba ne kai tsaye. Wancan da kake nufi wani tsari ne daban, akwai shi, lambobin filotin ma haka suke ajiye alamarsu, amma ba shi `add` da `sub` ke aiki da shi ba. Ga wata hanya mai sauƙi a bayit ɗaya: na saman ka ba shi nauyin mainas 128, sauran ka ƙirga su yadda ka saba. EE shi ne 1110 1110. Mainas 128, sai 64, 32, 8, 4, 2, waɗannan sun haɗu 110. 110 a cire 128 saura mainas 18. Abin da ya sa aka zaɓi wannan tsarin, na'urar tarawa ɗaya ce take yi wa kowa aiki, EE ka tara masa 12 na heks wato 18 ka samu 100 na heks, ɗayan ya faɗa kari, rijista ta koma 00. Cif ɗin bai ma san ko kana nufin 238 ko mainas 18 ba, kai ne ka sani.

Baba Audu Kakuri: Ni ban san asambulinku ba, gyaran firiza da AC nake shekara da shekaru. Abin da zan ce yaro kar ka bar rilen nan ya riƙa kunna kwamfireso yana kashewa a jere, in ka kashe ka ba shi kamar minti uku zuwa biyar kafin ya sake tashi, in ba haka ba za ka ƙona wa yayanka kwamfireso ana gab da azumi, ka san kuwa lokacin ne kasuwar ƙanƙara. Kuma ɗan rilen nan shuɗi kar ka ɗora masa kwamfireso kai tsaye, sa kwantakta a tsakani

Abba Tudun Wada: Na gode Baba, in sha Allahu zan sa. Injiniya na canza zuwa `asr`, yanzu kuma 65518 yake nunawa 😭

Ummi Barnawa: Hhhh ai daidai ne, FFEE kenan. Abin da ke buga maka lamba a allo ne bai san nagatif ba. Kafin ka kira shi ka duba bit 7 na r25, in 1 ne ka buga alamar mainas da kanka sannan ka juya lambar

```
sbrs r25, 7
rjmp buga
com  r24
com  r25
adiw r24, 1
```

alamar dai ka tura ta kafin `com` ɗin, ko ka ajiye wani bit da zai tuna maka

Sani Panteka: Me ya sa ba za ta yi `neg r24` da `neg r25` ba kawai, ba shi ne aikinsa ba

Injiniya Kawo: `neg` na bayit ɗaya ne. In ka yi wa kowanne nasa ka ƙara ɗaya sau biyu kenan, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Gwada da FEE0: E0 zai koma 20, daidai, FE zai koma 02, ka samu 0220 maimakon 0120, digiri 34 maimakon 18. Kuskuren 16 cif, kuma ba zai yi kama da shirme ba shi ne haɗarinsa. Na Ummi ya fi sauƙin ganewa. In rijistocinka ba sa cikin waɗanda `adiw` ke karɓa akwai `com` a babba, `neg` a ƙarami, sai `sbci` babba da 0xFF, kwamfaila ma haka yake yi, amma wannan sai dai r16 zuwa sama.

Sai dai Abba ka lura da wani abu, in don nunawa a allo ne ka fara juyawa kafin ka raba. Akwai misali a detashit ɗin sensar, FF5E, wato mainas 10.125. In ka yi masa `asr` sau huɗu FFF5 za ka samu, mainas 11, don shi `asr` ƙasa yake gangarawa kullum ba wajen sifili ba. Sai mutum ya ɗauko E ɗin da ya faɗi ya ce ai 14 cikin 16 ne, ya buga mainas 11.875, alhali abin da ake nufi mainas 11 a ƙara 0.875. In ka fara juyawa kuwa 00A2 ne, A goma, 2 kuma biyu cikin 16, ka ga 10.125 ta fito da kanta ba rigima.

Abba Tudun Wada: Alhamdulillah allo ya gyaru, mainas 18 ɓaro-ɓaro. Amma ga wata sabuwa. Jiya an ɗauke wuta tun la'asar sai asuba aka kawo, firiza ta huce ta kai 6 sama da sifili, rile ya ƙi tashi sam. Da na sa sensar cikin ƙanƙarar da ta fara narkewa tana nuna mainas 3 sai ya tashi. Abin da nake so in zafi ya kai mainas 15 ko ya fi ya kunna, in ya sauka mainas 20 ya kashe

```
cpi  r24, 0xF1
brsh kunna
```

F1 ɗin na lissafa da kaina, mainas 15, ko na yi kuskure?

Mubarak Rigasa: F1 daidai ne, 256 a cire 15 saura 241. wannan karon na iya 😎

Ummi Barnawa: `brsh` ne matsalar. Shi yana kallonsu a matsayin 0 zuwa 255 ne. 6 a wajensa ai ba ta kai 241 ba sai ya wuce abinsa, mainas 3 kuma FD ce 253, ta fi 241, shi ya sa ya tashi. Kenan firizarka za ta yi aiki ne kawai tsakanin mainas 15 da mainas 1, da ta haura sifili ta mutu kenan har abada. Sa `brge`

Injiniya Kawo: Ummi ta gama magana. `cpi` ɗaya ne, ragi yake yi ya jefar da amsar ya bar filag a SREG, reshen da ka zaɓa ne ke nuna yadda ka ɗauki lambar. `brsh` da `brlo` kari suke dubawa, na lambobi marasa alama. `brge` da `brlt` filag ɗin S suke dubawa, na masu alama. Na kashewar ma ka duba shi, mainas 20 EC ce, in `brlo` ka sa a can to a digiri 6 kashewa zai riƙa yi don 6 ba ta kai 236 ba.

Abba Tudun Wada: Wlh `brlo` ɗin ne a wurin 🙈

Sani Panteka: Ni `brpl` da `brmi` nake sawa tun da na fara kuma ban taɓa samun matsala ba. In ka rage amsar ta fito nagatif ai ƙarami ne, shi kenan, me ye na wani S

Injiniya Kawo: Sai ranar da ragin ya fi ƙarfin bayit. Sensar nan tana kaiwa 125. 125 a cire mainas 15 ai 140 ne, bayit mai alama kuma 127 ce iyakarsa, sai amsar ta fito 8C, bit na sama 1. N zai ce nagatif ne, ƙarya. V ne zai tashi ya ce an yi ambaliya, S kuma haɗin su biyun ne, in sun bambanta 1 in sun yi daidai 0. Shi ya sa `brge` ba ya faɗawa ramin.

Sani Panteka: Injiniya firiza ce fa ba tukunyar tuwo ba, yaushe za ta kai 113 balle 125. Ko a watan Afrilu a rufin kwano ba za ta kai ba

Injiniya Kawo: A firiza ba za ta kai ba, na yarda. Amma kuɗinsu ɗaya, girmansu ɗaya, saurinsu ɗaya, me zai sa ka ɗauki mai rami? gobe yaron nan zai kwafi kod ɗin ya kai injin ƙyanƙyasa ko na busar da tumatir

Sani Panteka: Injin ƙyanƙyasa 37 ne da ɗan wani abu, can ma ba ruwansa. Ni dai ban ga an kama ni ba tukuna

Mubarak Rigasa: Tunda ana maganar rile bari in shigo da tawa. Ina so in kunna LED na kan Arduino Uno, na fin 13, an ce PB5 ne. Na rubuta haka amma ko ƙyaftawa bai yi ba, DDRB kuma na saita shi

```
in  r16, PORTB
sbr r16, 5
out PORTB, r16
```

Ummi Barnawa: Wannan tarkon ya kama kowa. `sbi` lambar bit yake karɓa, `sbr` kuma mas yake karɓa, sunan ne kawai ya yi kama, shi `ori` ne aka canza wa suna. 5 a bainari 0000 0101, kenan PB0 da PB2 ka kunna. Da a bod ɗin Abba ne da ka tayar da kwamfireso. Bit na biyar shi ne 0010 0000, 0x20, ko ka rubuta `(1<<5)` ka huta. Kuma kar ka manta 0x ɗin, in ka rubuta 20 zalla ashirin ce, 0001 0100, wasu fin biyu daban

Injiniya Kawo: Ko ya yi `sbi PORTB, 5` layi ɗaya. Ya ma fi, don tsakanin `in` da `out` ɗin nan in intarof ya shigo ya canza wani bit na PORTB, kana dawowa za ka mayar da tsohon ka shafe masa aiki, irin matsalar da take zuwa sau ɗaya a kwana ka rasa daga ina. Sai dai `sbi` da `cbi` adireshi 32 na farko kawai suke kaiwa, 0x00 zuwa 0x1F. PORTB na 0x05 ba damuwa. Irin su TCCR1B da ke can 0x81 ko `in` ba ya kaiwa, dole `lds`, `ori`, `sts`, a nan dole ka iya mas ɗinka. Kashe bit kuma kifaffen mas ne, 0x20 ya koma 0xDF, 1101 1111, ka yi `andi` da shi. Ka lura nan kifarwa ce kawai ba a ƙara ɗaya, na ga wanda ya sa E0 wai ya yi tus kwamfilimen, ya share bit biyar na ƙasa gaba ɗaya ya bar wanda yake son kashewa a kunne.

Abba Tudun Wada: Yanzu na gane me ya sa buzata take yin shiru duk sanda rile ya tashi. `ldi r16, 1` nake yi in `out` a PORTB, ita kuma tana PB1, ashe ni ke kashe ta

Baba Audu Kakuri: Ku dai kuna ta F da E, ni tambayata ɗaya, in wayar sensar ta tsinke me abin zai yi? ɓera na cin waya a shagon ƙanƙara ba kaɗan ba

Injiniya Kawo: Baba tambayarka ta fi duk namu. In wayar data ta tsinke, rizisto 4.7k ɗin da ke jan layin sama zai sa duk bit ɗin da aka karanta ya zama 1, FFFF kenan. Da tsohon kod ɗinsa 4095 zai gani ya san akwai matsala. Yanzu da muka gyara masa, FFFF lamba ce mai hankali, kashi ɗaya cikin 16 ƙasa da sifili, `asr` ya mai da ita mainas 1. Mainas 1 ta fi mainas 15, sai kwamfireso ya yi ta aiki ba tsayawa. Abba ka duba ko sensar ta amsa bayan riset kafin ka karanta, kuma ka karanto bayit tara ɗin duka ka duba na ƙarshe wato CRC, shi ke nuna ko sauran sun iso daidai. Haka in ka ga 0550, 85 kenan, ita ce lambar da take tashi da ita kafin ta auna komai, ko ba ka jira milisakan 750 ɗin ba ko wuta ta ɗan yanke mata.

Ummi Barnawa: Ni da zan ce kawai in ya ga FFFF ya ɗauka waya ce ta tsinke, CRC a asambuli aiki ne

Injiniya Kawo: Firiza na bi ta FFFF da gaske duk sanda za ta tsallaka sifili fa

Ummi Barnawa: Na ɗan lokaci ne ai, in ta daɗe a kai minti biyar sai ya yi ƙara. ko ya duba bayit na biyar na saitin, shi ba ya taɓa zama FF in sensar na nan

Injiniya Kawo: Wannan dabarar ba laifi, bit ɗinsa na sama kullum 0 ne. Amma ba za ta kama bit ɗaya da ya juye a hanya ba, CRC ɗin layi goma sha wani abu ne kawai

Abba Tudun Wada: Na sa `brge` da `brlt`, na koma `sbi` da `cbi`, tun ƙarfe tara take aiki ta kashe a mainas 21 ta kunna a mainas 15. Ban san me ya sa 21 ba 20 ba amma

Mubarak Rigasa: `brlt` ai ƙasa da ne, ba daidai da ba. sai ta wuce EC

Abba Tudun Wada: Toh haka ne, zan mai da shi ED. Saura abu ɗaya, na ƙara wa sensar waya ta kai mita shida don akwatin ya zauna a waje, yanzu duk sanda kwantakta ta buga sai karatu ɗaya ya fito wani iri, ɗazu na ga FEE0 ta koma FE60 sau ɗaya ta dawo

Sani Panteka: Na ce muku sensar nan jabu ce

Ummi Barnawa: Oga Sani bit ɗaya ne ya juye, E 1110 ce 6 kuma 0110, digiri takwas kenan a banza, mainas 26. Injiniya shi kenan ka ci, turo CRC ɗin

Injiniya Kawo: Sai na dawo daga masallaci. Abba kafin nan gaya min wace irin waya ka sa, kuma tare ka ɗaure ta da ta kwamfireso ko daban?